Yadda Ake Gane Lafiyar Kwalam na HPLC: Adadin Faranti, Rabuwa da Jan Wutsiya

Kwalam, bututun da ke raba sinadarai a cikin injin HPLC na tantance abin da ke cikin samfur, ba ya mutuwa dare ɗaya. Yakan yi ta lalacewa ne a hankali, makonni ko watanni, kuma duk wannan lokaci yana nuna alama a jikin hoton da injin ke zanawa. Matsalar ita ce yawancinmu ido muke sa wa hoton, mu ga tuddai sun fito a inda muka saba ganinsu, mu ce lafiya lau. Ido kuwa yana sabawa da lalacewa. Lamba ce ba ta sabawa.

Lambobi uku ake dubawa. Na farko adadin faranti, wanda ake rubuta shi da N, shi ke faɗa maka sirantar tudu. Na biyu rabuwa, wato Rs, ita ke faɗa maka ko tuddai biyu maƙwabta sun rabu sosai. Na uku ma'aunin jan wutsiya, wato T, shi ke nuna ko tudun ya miƙe tsaye ko yana jan jela a baya. Tudu a nan shi ne abin da mutanen ɗakin gwaji ke kira pik. A manhajar injin za ka ga lambobin da sunaye irin su `Theoretical Plates`, `Resolution` da `Tailing Factor`.

Abin da nake so ka ɗauka tun daga farko shi ne, babu ɗaya daga cikin ukun da ke yanke hukunci ita kaɗai, kuma babu wadda ke da ma'ana sosai idan ba ka da lambar da wannan kwalam ɗin ya bayar ranar da aka fara ɗaura shi. Da kansa ake gwada kwalam, ba da na littafi ba.

Mataki na farko: gwajin ranar farko

Kowane sabon kwalam yana zuwa da takardar gwaji daga kamfanin da ya yi shi. A jikinta akwai sinadaran da aka yi gwajin da su, ruwan da aka tura, gudun famfo, da N ɗin da aka samu. Kada ka jefa ta cikin kwali. Kafin ka zuba wa kwalam ɗin samfur ko ɗaya, maimaita wannan gwajin a kan naka injin.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Alkaluman na misali ne, amma irin waɗanda ake gani ne a aiki. Kwalam C18, wato mai silikar da aka lulluɓe da sinadari mai maiƙo, tsawo milimita 150, faɗin ciki milimita 4.6, ƙwayoyin silika masu girman maikuromita 5. Ruwan tafiya, wato ruwan da famfo ke turawa ya ɗauki samfur ya ratsa kwalam, asitonaitiril kashi 60 da ruwa kashi 40, gudu mililita 1.0 a minti, zafi digiri 30, ditekta a nanomita 254, allura maikurolita 5. A cikin ruwan gwajin akwai yurasil da tolwin.

Akwai dalilin zaɓen waɗannan biyun. Yurasil ba ya tsayawa a kan C18 a irin wannan ruwan, wucewa kawai yake yi, saboda haka lokacin fitowarsa shi ne lokacin da ruwa ke ɗauka ya ratsa kwalam, wato t0. Tolwin kuwa ba shi da caji, ba asid ba ne, ba bes ba ne, ba ruwansa da pH. Idan tudunsa ya ɓaci, to ba halin sinadari ba ne, wani abu ne ya taɓu a jikin kwalam ko a jikin injin.

Bar ruwan tafiya ya ratsa kwalam sosai kafin allurar farko. Ruwan da ke cika irin wannan kwalam ɗin ya kai mililita ɗaya da rabi, kuma ana so a wanke shi da ninki 10 zuwa 20 na wannan, ka ga minti 15 zuwa 30 ke nan. Sai layin tushe ya kwanta, matsin famfo ya tsaya wuri ɗaya. Yi allura biyar ko shida a jere. Idan lokacin fitowa yana ta matsawa daga allura zuwa allura, kwalam bai daidaita ba tukuna, kuma duk lambar da ka lissafa a wannan hali ɓata tawada ne.

Abu biyu na ditekta da ake yawan mantawa. Gudun ɗaukar bayanai ya zama yana ba ka aƙalla ɗigo 15 zuwa 20 a faɗin tudu guda. Sannan saitin lafar da hayaniya, wanda wasu injuna ke kira `Response Time` wasu kuma `Time Constant`, kada ya yi yawa, domin yana faɗaɗa tudu, har ya ƙirƙiro masa wutsiyar da ba tasa ba.

Mataki na biyu: lissafin N

Sunan faranti aro ne daga hasumiyar tace mai da sauran ruwaye, inda akwai farantai na gaske a jere. Masana kimiyya biyu, Martin da Synge, su ne suka kawo tunanin cikin wannan fanni a 1941, kuma aikin nasu ya kai su ga kyautar Nobel a 1952. A cikin kwalam babu faranti ko ɗaya. Lissafi ne kawai da ke cewa: idan aka yi la'akari da daɗewar da sinadari ya yi a ciki, yaya sirantar tudunsa take?

Hanyar da aka fi amfani da ita tana auna faɗin tudu a rabin tsayinsa, wato W0.5, ta haɗa shi da lokacin fitowar tudun, wato tR:

```
N = 5.54 × (tR / W0.5)²
```

A misalinmu yurasil ya fito a minti 1.55, tolwin a minti 5.20, faɗinsa a rabin tsayi minti 0.110. Raba 5.20 da 0.110, ka samu 47.3. Ninka shi da kansa, ka samu kusan 2,235. Ninka da 5.54, N ya kama kusan 12,400.

Wannan lamba mai kyau ce ko maras kyau? Ba za ka sani ba sai ka haɗa ta da tsawon kwalam da girman ƙwayoyinsa. Raba tsawon da N, ka samu tsayin faranti guda. Milimita 150 a raba da 12,400 ya ba da kusan maikuromita 12. Sai ka sake raba wannan da girman ƙwaya, wato 5, ka samu 2.4. Wannan ƙaramar lamba, da ake rubutawa da h, ita ce ke ba ka damar gwada kwalam dogo da gajere, mai manyan ƙwayoyi da mai ƙanana. Kwalam da aka cika da kyau yakan ba da tsakanin 2 da 3. Idan sabon kwalam ya ba ka 5 da tolwin, akwai magana.

Akwai tsohuwar hanya ta biyu, `N = 16 × (tR / W)²`, inda W yake faɗin gindin tudu bayan an zana layuka biyu sun bi gefunansa sun sauka kan layin tushe. Idan tudun ya daidaita ta kowane gefe, hanyoyin biyu kusan amsa ɗaya suke bayarwa. Idan yana da wutsiya, sai su saɓa. Don haka ka duba wadda manhajarka ke amfani da ita, ka rubuta, kada ka canza a tsakiyar tafiya. Na taɓa ganin an yi gardama mai zafi tsakanin ma'aikata biyu kan kwalam guda, ashe kowannensu da hanyar da ya zaɓa a manhaja.

Kada ka tsorata idan N ɗinka bai kai na takardar kamfani ba. Su a kan injin da aka gajarta wa bututu aka tsara shi don wannan gwajin suke aunawa. Samun ƙasa da nasu da kashi 10 cikin 100 ko ɗan fiye ba baƙon abu ba ne. Lambar da injinka ya bayar ita ce taka, ita za ka rubuta a littafin kwalam.

Sharuɗɗa biyu. Kada ka auna N da tudun da ya fito da wuri. Lissafa `k = (tR − t0) / t0`. Wannan k shi ke nuna yadda kwalam ya riƙe sinadari. Na tolwin ɗinmu 2.35 ne, ya isa, ko da yake wanda ya kai 5 ya fi. Tudun da k ɗinsa bai kai 2 ba, yawancin faɗinsa daga bututu da allura da ditekta yake, ba daga kwalam ba. Na biyu, N ba shi da ma'ana idan ana canza haɗin ruwan tafiya a cikin gudu, abin da ake kira giradiyan. A can ruwan da ke ƙara ƙarfi yana matse tudu, sai lissafi ya ba ka dubu ɗari, ka yi ta murnar banza. A irin wannan hanya faɗin tudu kawai ake bibiya.

Mataki na uku: jan wutsiya

A nan ba a rabin tsayi ake aunawa ba, can ƙasa ake sauka, kashi 5 cikin 100 na tsayin tudu, domin a can wutsiya take ɓuya.

```
T = W0.05 / (2 × f)
```

W0.05 shi ne cikakken faɗin tudu a wannan tsayin. Shi kuma f shi ne rabin gaba: sauke layi daga ƙolin tudu zuwa ƙasa, ka auna daga gefen gaba zuwa wannan layin. Idan gaba da baya daidai suke, T zai zama 1.0. Tolwin ɗinmu yana da faɗi 0.236, rabin gabansa 0.110. Raba 0.236 da 0.220, ka samu 1.07. Sabon kwalam ke nan.

A kula da wata 'yar uwar wannan lamba, wadda manhajoji da yawa ke kira `Asymmetry`. Ita sau da yawa a kashi 10 na tsayi ake auna ta, kuma rabin baya ake rabawa da rabin gaba kai tsaye. Ba ɗaya suke da T ba. Idan wutsiya ta yi tsawo, takan fi T girma. Wasu manhajojin kuma sukan sa wannan sunan a kan lissafin T ɗin kansa, don haka buɗe bayanin manhajar ka ga ainihin lissafin.

Ina iyaka? Takardar jagora da hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar a 1994 don masu duba hanyoyin gwaji ta ba da shawarar T kada ya wuce 2, N ya haura 2,000, Rs ta haura 2, k kuma ya haura 2. Rubutun da aka daidaita tsakanin kundin magunguna na Amurka, a babi na 621, da na Turai, a babi na 2.2.46, ya sa iyaka daga 0.8 zuwa 1.8 idan hanyar gwajin maganin ba ta faɗi wani abu dabam ba. Idan hanyar ta faɗi tata iyaka, ita ake bi.

Amma ka lura da wannan 2,000 ɗin. Kwalam ɗinmu ya fara da 12,400. Kafin ya sauko 2,000 ya riga ya zama gawa tun tuni. Waɗannan iyakoki ƙasan rijiya ne, ba ma'aunin lafiya ba.

Mataki na huɗu: rabuwa, da sinadaran aikinka na gaske

Tolwin ya gama nasa aiki. Yanzu sai a koma ga abin da aka sayi kwalam ɗin dominsa. A kowace hanya akwai tuddai biyu da suka fi kowa kusa da juna, kuma su ne za su fara haɗewa idan abu ya fara lalacewa. Su ake aunawa.

Mu ɗauki kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro da kowa ya sani. Kwinin da ake samu daga ɓawon itacen sinkona yakan zo da ɗan'uwansa daihaidurokwinin, wanda a kan C18 yake fitowa bayansa. Na zaɓe shi da gangan. Kwinin bes ne, kuma irinsa ne ke tona asirin kwalam.

```
Rs = 1.18 × (t2 − t1) / (W0.5,1 + W0.5,2)
```

A ce a sabon kwalam, da ruwan tafiya mai bafa, wato haɗin da ke riƙe pH wuri ɗaya, kwinin ya fito a minti 6.40 da faɗin 0.19, ɗan'uwan a minti 7.20 da faɗin 0.21. Tazara 0.80, jimlar faɗi 0.40. Rabawa ta ba da 2.0, a ninka da 1.18, Rs ta zama 2.36. T na kwinin a ranar 1.35. N ɗinsa kuwa kusan 6,300, rabin na tolwin. Wannan ba laifi ba ne. N ba na kwalam kaɗai ba ne, na kwalam ne da sinadari da ruwa da zafi gaba ɗaya, shi ya sa ba a gwada N na kwinin da N na tolwin.

Ana cewa Rs ta 1.5 ita ce rabuwa har ƙasa, inda layi ke komawa tushe tsakanin tuddan biyu. Gaskiya ne, amma da sharaɗin tuddan kusan girmansu ɗaya kuma babu mai wutsiya. A aikin magani da wuya a samu haka. Ɗaya ƙato ne, ɗaya ɗan mitsitsi, kuma idan ƙaramin yana bayan babban, to a kan jelarsa yake zaune. Shi ya sa ake neman 2 ko fiye, don a bar sarari.

Abubuwa uku ne ke gina Rs:

```
Rs = (√N / 4) × ((α − 1) / α) × (k / (1 + k))
```

Alfa ita ce k na tudu na biyu a raba da k na farko. A misalinmu 3.65 a raba da 3.13, wato kusan 1.165. Darasin da ke cikin wannan lissafi shi ne N yana ƙarƙashin alamar tushe, don haka tasirinsa mai sanyi ne. Ka ninka tsawon kwalam sau biyu, N ya ninka sau biyu, lokacin gudu da matsi su ma su ninka, amma Rs sau 1.4 kawai za ta ƙaru. Alfa kuwa ba ta da haƙuri. Ta sauka daga 1.165 zuwa 1.10, abin da ido ba zai ce komai a kai ba, Rs ta faɗo daga 2.36 zuwa kusan 1.5. Ita kuma alfa pH ne ke motsa ta, da yawan sinadarin da ke cikin ruwan tafiya, da zafi. Saboda haka idan Rs ta faɗi alhali tuddan ba su ƙara faɗi ba, sai dai sun matso kusa da juna, fara da kwalbar ruwanka da mitar pH da murhun kwalam. A ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta, kwalam da ba ya cikin murhu yana bin zafin gari ne, kuma kowane digiri ɗaya yana iya matsar da lokacin fitowa da kashi 1 zuwa 2 cikin 100.

Mataki na biyar: karanta ukun tare

Nan ne aikin yake. Bayan watanni, a ce an sake gudanar da kwinin aka samu haka: minti 6.30 da faɗin 0.21, ɗan'uwan minti 7.08 da faɗin 0.23. Rs ta zama 2.09. N na kwinin kusan 5,000. Duka biyun sun cika sharaɗi, kuma mai gaggawa zai sa hannu ya wuce.

Sai ka duba ƙasa. Faɗin kwinin a kashi 5 na tsayi ya koma 0.70, rabin gabansa yana nan 0.17. T ya zama 2.06. Cire 0.17 daga 0.70, ka ga rabin baya ya kai minti 0.53, wato a minti 6.83 wutsiyar kwinin ba ta sauka ƙasa da kashi 5 na tsayin tudun ba. Shi kuma ƙaramin tudun daga wajen minti 6.9 yake fara tashi. Idan tsayinsa gaba ɗaya bai wuce kashi 5 na babban ba, to a kan gangare yake tsaye, kuma girman da manhaja za ta ba shi ya dogara ne da inda ta ga damar ja masa layin tushe. Me ya sa N da Rs ba su gani ba? Domin su a rabin tsayi suke aunawa, ɓarnar kuwa a gindi take.

Yanzu tambaya ita ce me ya jawo. Ɗauko ruwan gwajin ranar farko, mayar da asitonaitiril da ruwa, ka yi allurar tolwin. Amsa ɗaya daga cikin biyu za ka samu.

Idan tolwin yana nan yadda yake, N wajen 12,000, T wajen 1.1, to ginin kwalam lafiyarsa ƙalau, matsalar ta sinadari ce. A saman silika, ko bayan an lulluɓe shi da C18, akwai ragowar wurare da ake kira silanol. Idan pH ya haura wajen 4 sukan fara ɗaukar caji maras kyau, shi kuma kwinin yana ɗauke da caji mai kyau, sai su riƙa kama shi suna saki a makare. Wannan makarar ita ce wutsiya. Tolwin ba shi da caji, bai ma san ana yi ba. Abin dubawa na farko shi ne bafa: an auna pH a ruwan bafa kafin a zuba masa metanol ko asitonaitiril, ko bayan an zuba? An daidaita mitar a ranar? Ƙarfin bafa ya kai yadda hanya ta ce? Haɗa sabon ruwa ka sake. Idan T ya dawo, an gama. Idan bai dawo ba, mai yiwuwa lulluɓin saman silika ya fara zubewa, abin da ke faruwa idan an daɗe ana aiki a pH ƙasa da 2, musamman da zafi. Alamarsa ita ce lokacin fitowar tolwin yana ta raguwa a hankali cikin watanni. Wannan ba ya gyaruwa. Kwalam ɗin zai iya ci gaba da aikin sinadarai marasa caji, amma ya gama da kwinin.

Kafin ka yanke wannan hukunci, yi gwaji ɗaya mai arha. Tsarma samfurin sau 10 ka sake allura. Idan wutsiya ta ragu kuma lokacin fitowa ya ɗan ƙaru, lodi ne ya yi wa kwalam yawa, ba tsufa ba.

Amsa ta biyu ita ce tolwin ma ya ɓaci. A ce ya fito a minti 5.12 da faɗin 0.135, N ya zama kusan 8,000. Ya yi asarar kashi 36 cikin 100, kuma bisa lissafin da ke sama wannan kaɗai zai ci kashi 20 na Rs. Idan duka tuddai ne suka ɓaci iri ɗaya, har da marasa caji, to abin ya faru ne kafin rabuwa ta fara, wato a bakin kwalam ko kafin a kai gare shi.

Bi su daga mai sauƙi. Idan akwai ɗan kwalam mai gadi a gaba, cire shi ka sake allura. Sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, domin aikinsa ke nan, ya sha dattin a madadin babban. Sai mahaɗan bututu. Idan bututu bai shige har ƙarshen ramin bakin kwalam ba, yakan bar ɗan kogo inda ruwa ke juyawa, kuma wannan yana faruwa idan aka ɗauko bututun ƙarfe da aka riga aka matse wa zobe a kan kwalam na wani kamfani, domin zurfin ramin ba ɗaya ba ne. Alamarsa a bayyane take: tuddan farko sun fi ɓaci, na ƙarshe da sauƙi. Haka ma idan wani ya canza siririn bututu mai faɗin ciki milimita 0.13 da mai 0.25. Sannan ka tambayi abin da aka narkar da samfur a ciki. Maikurolita 20 na samfur a zallar asitonaitiril, a tura shi cikin ruwan tafiya mai yawan ruwa, zai ba ka tuddan farko a karkace ko a rabe, kwalam kuwa bai yi laifin komai ba.

Idan duk waɗannan sun fita, duba matsi. Littafin kwalam ya nuna matsin ranar farko. Idan ya hau sosai kuma tuddai suna jan wutsiya ko suna fitowa da kafaɗa, ƙaramar matatar da ke bakin kwalam ta fara toshewa, ruwa yana shiga ta gefe ɗaya. Samfurin da ba a tace ba ne ke kawo wannan, ko bafa da ta kwana biyu ta fara yin gansakuka, ko gishirin fosfet da ya daskare da aka tura masa asitonaitiril mai yawa. A lokacin hunturu kuma kwalbar da aka bari a buɗe tana shan ƙura fiye da yadda ake zato. Matatar maikuromita 0.45 ga samfur da bafa ta fi sabon kwalam arha nesa ba kusa ba.

Idan kuwa matsi bai hau ba, ko ma ya ɗan sauka, amma kowane tudu ya rabe biyu ko yana jan jiki ta gaba har T ya faɗi ƙasa da 0.9, to cikon kwalam ya zauna, ya bar rami a baki. Aiki a pH sama da 8 yana narkar da silika irin ta gama-gari. Faɗuwa ƙasa tana jawo haka, haka ma bugun matsi na farat ɗaya, irin wanda ke faruwa idan wuta ta dawo aka kunna famfo da cikakken gudu nan take. A da akan buɗe kwalam a cike ramin da hannu. Ni ban ga amfanin wannan wahala ba a aikin da za a sa wa hannu.

Wanki, da ranar da za a haƙura

Toshewa da datti su ne ke karɓar magani. Cire kwalam daga ditekta, ka bar bakinsa ya zuba a kofi, don kada dattin ya shige cikin ditekta. Idan takardar kamfani ta yarda a juya shi, juya shi ruwa ya bi ta baya. Wasu ba a juya su, musamman masu ƙananan ƙwayoyi, domin matatar bakinsu ta fi ta ƙarshensu faɗin ƙofa, cikon zai iya ficewa. Fara da ruwa mai ɗan asitonaitiril kashi 5 zuwa 10, babu bafa, don a kwashe gishiri. Wanda ya tsallake wannan ya tafi kai tsaye ga zallar asitonaitiril, shi da hannunsa zai daskarar da fosfet a ciki. Daga nan sai zallar asitonaitiril, sai aisofurofanol idan dattin mai maiƙo ne, kowanne kamar mililita 30. Rage gudu zuwa rabi idan ka zo kan aisofurofanol, yana da kauri, matsi zai hau. Sai ka dawo ta hanyar da ka bi, ka daidaita, ka sake allurar tolwin.

Idan N ya dawo kusa da na farko, rubuta abin da ka yi da ranar. Idan ya dawo ya sake faɗuwa bayan kwana biyu, tushen dattin yana nan, je ka nemo shi a samfur ko a ruwa.

Babu wata doka guda da ta ce a kashi kaza ake jefar da kwalam. Abin da ke yanke hukunci a hukumance shi ne ko hanyar gwajinka ta cika sharuɗɗanta a ranar. Ni dai a nawa littafin nakan ja layin gargaɗi tun kafin a kai can: idan N na tolwin ya sauka da kashi 20 zuwa 25 daga na ranar farko kuma wanki bai dawo da shi ba, ko T na babban sinadari ya ƙaru da 0.3 zuwa 0.4, sai in nemi a sayo wani. Wanda ya san tsawon lokacin da kwalam ke ɗauka kafin ya iso daga waje ya san dalili. Shafi ɗaya ya isa ga kowane kwalam: lambar jikinsa, kwanan wata, yawan allurar da ya sha, matsi, t0, sai N da T na tolwin, sai Rs da T na sinadaran aiki. Idan sabon ya iso, gwada shi da wannan ruwan gwajin a kan wannan injin, a rana ɗaya da tsohon. Idan shi ma ya ba da 8,000, mayar da tsohon cikin kwalinsa da murfinsa a rufe, ka ɗauko sufana ka fara kwance mahaɗan bututu daga wajen allura.